Kafin a fitar da zakka: yadda ake bincika lissafin kuɗin ajiya, kayan shago da zinare



'Yan'uwa, a Nyohini da sauran unguwannin Tamale da wuya a sami mai dukiyar da bai san cewa zakkar kuɗi kashi biyu da rabi ce cikin ɗari ba. Wannan kowa ya haddace shi. Matsalar tana can baya, kafin a zo wurin rabawa: wace rana aka yi ƙirgen, me aka sa a ciki, me aka bari, kuma da wane nisabi aka auna. Abin da ya fi ban tsoro shi ne takardar lissafi tana iya ɗauke da kurakurai biyar ko shida, wasu suna ƙara adadi wasu suna rage shi, sai amsar ƙarshe ta fito da kyan gani, babu mai zargin komai. Don haka za mu ɗauki takarda ɗaya mu bi ta layi bayan layi.

Mu ƙaddara wata Hajiya ce mazauniyar Nyohini, tana sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Tamale. Ɗanta ɗalibi ne, shi ya zauna ya yi mata lissafi. Alƙaluman misali ne muka tsara don koyarwa, har da farashin zinare da muka sa sidi 1,200 kowane giram na tsantsa. Ga abin da ya rubuta:

Kuɗin banki, sidi 38,000. Kayan shago a farashin da aka saro su, 60,000. Kanta da katakon jera kaya da keken ɗinki da fanka, 12,000. Zinare giram 100, 120,000. Jimilla 230,000. Ya cire nisabi 102,000, saura 128,000. Zakka, sidi 3,200.

Rubutun ya tsaru, kuma rabawar ƙarshe daidai take. Amma tambayar farko da za mu yi masa ba ta cikin alƙaluman: ina kwanan wata?

Zakkar kuɗi da ta kasuwanci tana wajaba ne idan shekara ta zagayo, kuma shekarar ta wata ce, kwana 354 ko 355. Dole a sami rana ɗaya tsayayya da za a ƙirga komai a cikinta. Idan an duba banki ranar Litinin, aka ƙirga kaya bayan mako biyu, to atamfar da aka sayar a tsakani ta ɓace daga lissafi, domin ba ta cikin shago kuma kuɗinta ba ya cikin adadin banki da aka rubuta. Haka kuma idan an fitar da kuɗi aka saro kaya a tsakanin, an ƙirga dukiya ɗaya sau biyu. Mutane da yawa sun saba fitarwa a Ramadan saboda falalar watan. Babu laifi idan a nan shekararsu take cika. Amma wanda shekararsa ta cika a Rajab ba shi da damar riƙe haƙƙin talakawa wata biyu yana jiran azumi. Gabatarwa ita ce take da sauƙi: malaman Malikiyya sun yarda a gabatar da kamar wata guda, wasu mazhabobin sun yarda da fiye da haka.

Akwai kuma masu rufe littafin shago a ƙarshen Disamba, su fitar da zakka a lokacin. Shekarar rana ta fi ta wata da kwana goma sha ɗaya, wanda idan ya taru cikin kimanin shekara talatin da uku ya zama zakkar shekara guda cur da ba a fitar ba. Shi ya sa masana lissafin zakka na zamani suka ce wanda ya lizimci shekarar rana ya fitar da kashi 2.577 cikin ɗari a maimakon 2.5. Mu ɗauka Hajiya da shekarar wata take aiki.

Sai nisabi. Asalinsa dinari ashirin na zinare ko dirhami ɗari biyu na azurfa. Da aka auna dinarin da aka buga a zamanin halifa Abdulmalik ɗan Marwan, an same shi kimanin giram 4.25, dirhami kuma giram 2.975. Daga nan aka sami giram 85 na zinare da giram 595 na azurfa, kuma wannan ne Shaikh Yusuf Alƙardawi ya rinjayar a littafinsa Fiƙhuz Zakati. Wanda ya ga 87.48 da 612.36 a manhajar waya kada ya ruɗe, awon malaman Indiya da Pakistan ne, kuma bambancin kaɗan ne.

Giram 85 ba ya canzawa, amma kuɗinsa a sidi yana canzawa kullum, kuma mu a Ghana abu biyu ke motsa shi: farashin zinare a kasuwar duniya, da canjin dala. Shekarar 2025 ta koya mana wannan darasi. A Ramadan na 1446, wato Maris 2025, zinare yana wajen dala 3,000 kowace oza, dala kuma tana wajen sidi 15.5, nisabi ya kama kimanin sidi 127,000. Zuwa Muharram na 1447, ƙarshen Yuni, zinare ya hau wajen dala 3,300, amma sidi ya yi ƙarfi har dala ta sauko wajen 10.3, sai nisabi ya koma kimanin sidi 93,000. Zinare ya yi tsada a duniya, nisabi ya sauka a Tamale. Ɗan kasuwar da dukiyarsa take sidi 110,000, shekararsa ta cika a Muharram, idan ya riƙe adadin da ya ji an sanar a masallaci lokacin azumi zai ce bai kai ba, alhali ya wuce da nisa.

Hanyar fitar da shi ba ta da wuya:

farashin oza da dala ÷ 31.1 × canjin dala × 85

A lura da 31.1 ɗin nan. Ozar zinare giram 31.1 ce, ba 28.35 ta awon kayan abinci ba. Akwai kuma wata hanyar gwaji mai sauri. Tun 2024 Babban Bankin Ghana yana sayar da sulallan zinare na oza ɗaya da rabi da kwata, kuma yana bayyana farashinsu da sidi. Giram 85 daidai yake da oza 2.73, don haka a ninka farashin sulen oza ɗaya sau 2.73. Amsar za ta ɗan haura kaɗan saboda kuɗin bugawa da ke cikin farashin, amma idan ta yi nisa da adadin da ke kan takarda, akwai kuskure a wani wuri. A misalinmu 85 sau 1,200 ya ba da 102,000, ɗalibin ya dace a nan.

Inda bai dace ba shi ne da ya cire nisabin daga dukiyar. Wannan tunanin haraji ne, inda ake yafe wani kaso na albashi a caji abin da ya haura. Nisabi ƙofa ce kawai. Wanda bai kai ta ba babu komai a kansa, wanda ya kai kuwa a kan dukiyar gaba ɗaya zai fitar, tun daga sidin farko. Dalilin a fili yake: mai dinari ashirin cif rabin dinari ne a kansa, da kuwa ana cire nisabi da ba shi da abin fitarwa. Wannan kuskure shi kaɗai ya tauye sidi 2,550 daga haƙƙin masu karɓa.

Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce: da nisabin zinare za a auna kuɗin takarda ko da na azurfa? A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dinari ɗaya yana wajen dirhami goma, nisaban biyu suna kusa da juna. Yau azurfa ta faɗi. Idan giram ɗinta sidi 14 ne, nisabinta 8,330 ke nan, na zinare ya ninka shi fiye da sau goma sha biyu. Alƙardawi ya zaɓi zinare saboda ya fi riƙe darajarsa kuma ya fi kusa da nisabin dabbobi. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya zaɓi mafi ƙanƙanta cikin biyun saboda ya fi amfanar talaka. Ga Hajiya saɓanin ba ya canza komai, ta haura duka biyun. Amma malamin makarantar da ya tara sidi 20,000 shekara ta zagayo a kansu, a ra'ayi ɗaya sidi 500 ne a kansa, a ɗayan babu komai. Mai binciken lissafi ya tambaya wane aka bi, ya rubuta shi a saman takarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya riƙa sauya ma'auni duk shekara gwargwadon wanda zai kuɓutar da shi.

Yanzu mu shiga dukiyar kanta. Ɗalibin ya rubuta kuɗin banki ya tsaya. Amma wace 'yar kasuwa ce a Tamale duk kuɗinta yake banki? A wayarta akwai sidi 6,500 na momo. A aljihun kanta da jakar hannu akwai 2,500. Wurin mai susu da ke zagayowa kullum ta tara 5,000 bayan an cire ladansa. Duk kuɗinta ne, tana iya karɓarsu. Tsabar kuɗi ta zama 52,000, ba 38,000 ba. Idan banki ya ɗora ruwa a kan ajiyar, ruwan ba ya shiga lissafi, ana fitar da shi ne gaba ɗaya ga mabuƙata ba da niyyar zakka ba.

A nan akwai wani tarko namu na gida. Tun Yuli 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har yau dattawa a kasuwa suna kiran sidi 100 miliyan ɗaya. Idan Hajiya ta ce tana da miliyan hamsin wurin mai susu, sidi 5,000 take nufi. Wanda ya zo ya ce yana da miliyan ɗari biyar, sidi 50,000 ne, bai ma kai rabin nisabin zinare ba. Duk adadin da aka faɗa da baki a tambaya: tsohon kuɗi ko sabo?

Kayan shago kuma ba a farashin da aka saro su ake ƙiyasta su ba, sai a abin da suke yi a ranar zakka. Tana da turmi 150 na atamfa da ta saro a 300, yanzu sarinsu ya kai 360, sun zama 54,000 a maimakon 45,000. Tana da leshi na 15,000 da aka daina yayinsa ya yi kwantai, yau ba zai wuce 9,000 ba. Kwantai ba ya fita daga zakka, amma da darajarsa ta yau yake shiga. Jimillar kaya 63,000. Mun yi amfani da farashin sari domin shi ne abin da za ta samu in ta sayar da kayan a dunƙule, kuma shi malaman zamani da yawa suka zaɓa. Wasu sun ce mai sayarwa ɗai-ɗai ya ƙiyasta da farashin da yake sayarwa, wanda ya bi wannan ya fi fita daga shakka.

Kanta da katako da keken ɗinki da fanka kuwa a soke su. Ba don sayarwa aka ajiye su ba, kayan aiki ne, babu zakka a kansu ko nawa suka kai.

Wannan ƙiyasi na shekara-shekara hukuncin ɗan kasuwar da Malikiyya ke kira mudiri ne, wato mai saye da sayarwa kullum ba ya jiran kasuwa ta tashi. Akwai kuma muhtakiri, kamar mai sayen buhunan masara ko waken soya ko ƙwarar kaɗanya a kasuwar Aboabo lokacin kaka, ya zuba a sito yana jiran tsada. A mazhabar Malik, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, shi ba ya ƙiyasta kaya duk shekara, sai ya sayar, sannan ya fitar da zakkar shekara ɗaya idan shekara ta riga ta zagayo a kan jarin. Sauran mazhabobi uku ba su yi wannan rabon ba, kowa yana ƙiyastawa duk shekara. Ko ta wace hanya aka bi, kashi biyu da rabi ne na kuɗin masarar. Ɗaya bisa goma ko ɗaya bisa ashirin na manomin da ya girbe ta ne, kuma yakan faru a haɗa hukunce-hukuncen biyu saboda duk masara ce a buhu.

Bashi bai fito a takardar ba sam, alhali ba a kasuwar atamfa babu shi. Masu saye suna riƙe mata da 8,000. Daga ciki 5,500 yana hannun mutanen da ke biya, wannan ya shiga lissafi. Sauran 2,500 yana wurin wadda ta bar gari ba a jin ɗuriyarta, wannan sai ranar da ya dawo. Ita kuma dilanta na Kumasi yana bin ta 14,000 na kayan da ta karɓa, wannan ana cire shi. Sai dai Malikiyya sun sa sharaɗi da ake yawan mantawa: idan mai bashi yana da wata kadara da ba a yi mata zakka, kamar fili ko gidan haya, wadda za ta iya biyan bashin, to a kanta ake jingina shi, ba a rage kuɗin zakka. Imamu Shafi'i ma a ra'ayinsa na ƙarshe bai ga bashi yana hana zakka ba. Mu ɗauka Hajiya ba ta da irin wannan kadara.

Saura zinare, kuma nan ne ɗalibin ya fi yin nisa. Ya ɗora komai a sikeli ya ga giram 100, ya ninka da farashin tsantsa. Amma kayan ado ba tsantsa ba ne. Karat 24 shi ne tsantsa, karat 21 kashi ashirin da ɗaya ne cikin ashirin da huɗu, karat 18 kuma kashi uku cikin huɗu, sauran jan ƙarfe ne ko azurfa da aka gauraya don ya yi ƙwari. Galibi akwai hatimi a jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. In babu hatimi a kai wa maƙerin zinare ya gwada. Duwatsun ado ana cire nauyinsu, kuma kuɗin ƙira da aka biya ranar saye ba ya shiga, nauyi ake bi.

nauyi × karat ÷ 24 = tsantsar zinare

Hajiya tana da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na karat 18, giram 60, waɗanda take sawa a biki da suna. Tsantsarsu giram 45. Tana da wasu awarwaro na karat 21, giram 40, da ta saya don adana kuɗi lokacin da sidi ke faɗuwa, ba ta taɓa sa su ba. Tsantsarsu giram 35. Giram ɗarin nan ashe tamanin ne. Da wannan zinaren ne kaɗai abin da ta mallaka, da bai kai 85 ba a wurin masu lissafa tsantsa, ko da yake Hanafiyya suna ɗaukar abin da zinare ya rinjaya a cikinsa a matsayin zinare duka. Amma kada wani ya ce tunda bai kai ba a bar shi. Zinare da kuɗi da kayan kasuwa jaka ɗaya suke shiga, a haɗe ake auna su da nisabi.

Na ajiya babu saɓani, giram 35 sau 1,200, sidi 42,000 ya shiga. Na sawa shi ne wurin saɓani tun zamanin sahabbai. Malik da Shafi'i da Ahmad sun ce babu zakka a kayan adon da mace take amfani da su ta halal. Abu Hanifa ya ce akwai, kuma Shaikh Ibnu Baz da Shaikh Ibnu Usaimin sun bi wannan. A masallatan Tamale za a sami masu bin kowanne. Aikin mai bincike shi ne ya tabbatar an raba na sawa da na ajiya da gaskiya, domin awarwaron da aka saya don ajiya ba ya zama na ado saboda an sa shi sau ɗaya ranar salla.

Mu tara. Kuɗi 52,000, kaya 63,000, bashin da ake sa ran samu 5,500, zinaren ajiya 42,000, ya zama 162,500. A cire bashin Kumasi 14,000, saura 148,500. Ya haura 102,000, zakka ta wajaba a kan dukkansa. A raba gida arba'in: sidi 3,712 da rabi. Idan ta bi masu wajabta zakka a kayan ado, a ƙara 54,000 na giram 45, zakka ta zama 5,062 da rabi. Idan kuma tana da filin da bashin zai hau kansa, a kan 162,500 za a raba, 4,062 da rabi.

A dubi tazarar da ke tsakanin 3,200 da 3,712. Ba ta da yawa har ta ta da hankalin mai kallo, kuma dalili shi ne kurakuran sun rufa wa juna asiri. Zinaren da aka kumbura da kayan aikin da aka cusa sun ƙara sidi 90,000, cire nisabi ya kwashe 102,000. Da an gyara zinare da kayan aiki kawai aka bar sauran, da dukiyar ta koma 38,000, a fitar da 950, a ɗauka an yi gyara. Shi ya sa ba a tsayawa a kuskuren farko da aka gano, sai an kai ƙarshen takarda.

Rabawar ƙarshe ma a gwada ta ta hanya biyu. A waya ana ninkawa da 0.025. Wanda ya danna 0.25 ya fitar da rubu'in dukiyarsa, wanda ya danna 0.0025 ya fitar da ɗaya bisa goma na abin da ke kansa. Gwajin baki shi ne sidi 25 a kowace dubu. Dubu ɗari da arba'in da takwas sau ashirin da biyar ya ba da 3,700, rabin dubun da ya saura ya ba da 12 da rabi. Idan amsar waya da ta baki suka haɗu, a rubuta a ƙasan takarda kwanan watan Musulunci, da farashin giram na ranar, da ra'ayin da aka bi a nisabi da bashi da kayan ado, a ajiye ta domin baɗi a ɗora a kanta.

Idan bincike ya nuna an tauye a shekarun baya, ragowar tana nan a wuya, ba ta faɗuwa da tsufa. Ana lissafa kowace shekara da farashinta da nisabinta gwargwadon abin da za a iya tunawa ko a samu a littafin shago, a cika. Wanda kuma ya gano ya fitar da fiye da abin da ke kansa, ƙarin ya zama sadaka, ba ya cire shi daga zakkar bana tunda bai yi niyyar gabatarwa ba lokacin da ya bayar.

Allah ne Mafi sani.